Na goge manhajar, amma kuɗina bai daina fita ba

1/ Yau zan tona wa kaina asiri, ko wani ya tsira. Da damina ina gida Tofa hutu, Baba ya sa aka turo kuɗin taki asusuna, ya ce in ciro in kai wa mai shago. Na je wajen mai cire kuɗi, ya ce "Malam, ba su cika ba fa." Dubu shida babu.

2/ Na duba alat, sai na ga inda suka tafi: wata manhajar neman aure da na biya wa Premium tun muna makaranta. Wata biyu da goge ta daga wayata! Ni a zatona shi ke nan mun rabu.

3/ Ashe goge manhaja ba ya tsayar da biyan wata-wata. Izinin cirar kuɗin yana can inda ka sa katinka. Idan ta Play Store ka biya, ko asusun manhajar ka rufe gaba ɗaya, za a iya ci gaba da cira.

4/ Hanyar biya biyu ce: ta Play Store (App Store ga masu iPhone), ko kai tsaye a shafinsu na intanet. Ta ƙofar da ka shiga, ta nan za ka fita.

5/ Ya za ka gane taka? Nemo rasit a imel. Na Google Play lambarsa tana farawa da GPA. Idan kuwa daga kamfanin manhajar rasit ɗin ya zo, to a shafinsu ka biya. Can za ka shiga da burauza ka soke, don Play Store bai san da zamansa ba.

6/ Nawa GPA ne. Na buɗe Play Store, na taɓa hotona na sama, Payments & subscriptions, sai Subscriptions. Wayam, babu komai. Gumi ya karyo min.

7/ Sai da na sake karanta rasit ɗin na lura: tsohon Gmail ɗina ne, wanda na buɗe don kar a gane ni. Ina komawa kansa, ga ta nan zaune. Na danna Cancel subscription, na bi har ƙarshe.

8/ Masu iPhone: Settings, sunanka, Subscriptions.

9/ Kar ka fita sai ka ga ranar sabuntawa ta koma ranar ƙarewa. Idan har yanzu tana nuna ranar da za a sake cira, ba ka soke ba. Kuma sokewa ba ta dawo da abin da aka riga aka cira, kwanakin da ka biya kawai za ka ƙarasa.

10/ Dubu shidan a wajen Yaya na ranta, bayan ya sa na faɗi gaskiya. Har yau "Ango" yake kirana a gaban Baba, Baba kuma bai san dalili ba.