Buhun hatsi biyu da muka mayar jikka biyu

Yau kuskurenmu za mu tona da kanmu.

Wani dare a filin tambayoyin addini, saƙo ya shigo daga wani ɗan Damargu da ya yi ƴan shekaru yana bida a Kano. Ga yadda ya fito a salula:

`Slm. Na ba da credit mil 2 sac, a biya ni 3 a kaka. Is it riba?`

Lokaci ya ƙure, muka karanta da gaggawa. Mu da muka yi lakkwal da Faransanci, da muka ga `mil 2` sai hankalinmu ya tafi ga `mille`, muka ce jikka biyu. Kalmar `sac` muka tsallake ta. Sai muka ce wa malam: wani ya sa jikka biyu a sana'a, ya samu uku, yana tambaya ko ribar ta halatta. Malam ya ce ribar ciniki halas ce. Amsarsa daidai take, tambayar ce ba ta mutumin ba.

Washegari mai saƙon ya kira. Ashe `mil` ɗin hatsi ne. Buhu biyu ya ba maƙwabcinsa bashi da bazara, da sharaɗin a mayar masa da uku in an yi girbi. Ribar da yake nufi kuma ta Larabci ce, wadda ake kira kuɗin ruwa. A baki ba su rikicewa: ta ciniki ana jan farkonta, ta haram ana taƙaita shi. A rubuce kuwa harufa huɗu ne iri ɗaya. Da muka sake kai wa malam tambayar, ya ce bashin da aka sharɗanta masa ƙari haramun ne, buhu biyu ya bayar, biyu zai karɓa. Da bai kira ba, da maƙwabcin nan ya yi asarar buhu guda da fatawar da ta fita ta bakinmu.

Tun ranar muka canza aiki. Ba mu karanta saƙo a iska sai mun duba shi tukuna. Kowace kalma muna tambayar kanmu: wane harshe ce? Lamba kuwa sai mun ga abin da take ƙirgawa, buhu ne, tiya ce ko jikka. Alamar tana nan gabanmu: ba a auna kuɗi da buhu, kuma wanda ya ce a biya shi a kaka, hatsi yake jira. In shakka ta rage, mu kira mai saƙon. In ba ya samuwa, tambayar ta jira mako mai zuwa.

Ku ma ku taimake mu. Ku rubuta da harshen da ya zo muku, amma in maganar kuɗi ce ko magani ko gado, ku ƙara kalma ɗaya ta Hausa. Allah ya sa mu dace.