Kafin mu tura taƙaitaccen tarihinmu, mu auna shi da takardunmu

Yanzu kusan duk inda muka nemi aiki ko tallafin karatu, bayan takardar bayanan karatu da aiki, wadda muke kira sibi, sai an ce mu haɗa da taƙaitaccen tarihinmu, layi biyar ko shida. A nan Kontagora ƙannenmu kan kawo mana irin wannan rubutu mu duba musu. Abin da muka lura shi ne, akasarinsu ba ƙarya suka yi niyya ba. Sun rubuta tarihin ne da zuciya, sibi kuma da takardu, sai biyun suka saɓa.

Hanyar da muke bi mai sauƙi ce. Mukan shimfiɗa abu uku a tabarma: tarihin, sibi, da ainihin takardun shaida. Sai mu ja layi a ƙarƙashin kowace shekara, kowane muƙami, kowane sunan makaranta da kowane adadi. Kowanne mu tambaye shi: wace takarda ce ta faɗe ka, kuma wa za a kira ya tabbatar?

Mu ɗauki misali. A ce wani matashi yana neman aikin koyarwa, ya rubuta: "Malami ne mai digiri, mai gogewar shekara takwas, ya shugabanci sashen kimiyya, kuma kashi 90 na ɗalibansa sun ci NECO." Sibinsa kuwa ya nuna ya gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora a 2017, ya fara koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a 2018, ya bari a 2024, yanzu yana karatun digiri.

Mu fara da digirin. Wanda bai kammala ba, ba mai digiri ba ne, ko da zango ɗaya ya rage masa. Da zarar ya ce yana da shi, mai ɗaukar aiki zai nemi takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, alhali masu NCE ba sa zuwa bautar ƙasa. Tambaya ɗaya ta kwance masa zani a kasuwa. Gyaran shi ne: "Yana da NCE, yana kuma karatun digiri."

Sai shekarun. Daga 2018 zuwa 2024 shekara shida ne. Idan muka bincika, mukan tarar an cusa watannin gwajin koyarwa na lokacin karatu da darasin yamma da ake yi wa yaran unguwa, aka tara aka ce takwas. Waɗannan aiki ne na gaske, amma a ambace su daban da sunansu. Mai tantancewa yatsu kawai zai lissafa.

Muƙamin fa? Idan akwai takardar naɗi, a bar shi. Idan riƙon ƙwarya ya yi na zango biyu da mai kujerar ya tafi jinya, a rubuta haka. Shugabar makarantar da za a kira abin da ta sani za ta faɗa, don haka mukan ce ya kira ta tukuna, ya karanta mata jimlar, ya ji ko ta amince.

Kashi 90 ɗin ya fi komai santsi. Kashi 90 na yara nawa, a wace shekara, a wane darasi? Idan takardar sakamakon makaranta ta nuna yara 27 cikin 30 sun ci ilimin halittu, a rubuta hakan tare da shekarar. Idan babu takarda, a cire adadin.

Daga ƙarshe mu duba suna da ranar haihuwa. Muhammad a satifiket, Mohammed a sibi, wata shekara daban a katin ɗan ƙasa: wannan kaɗai kan tsayar da fayil. Idan akwai saɓani tsakanin takardun kansu, gyaransa ake bi ta hanyar hukuma, ba a tarihi ake rufe shi ba.

Ba mu manta da Salisu Buhari ba, ɗan Kano da ya zama kakakin Majalisar Wakilai a 1999. Shekarun haihuwa da digirin Jami'ar Toronto da ya yi iƙirari ne suka raba shi da kujerar cikin 'yan makonni. A 2018 ma ministar kuɗi Kemi Adeosun ta sauka saboda takardar yafe bautar ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga babba ga yaro.

Bayan gyara, tarihin matashinmu ya zama: "Malamin kimiyya ne mai NCE, ya koyar shekara shida, ya riƙe sashen kimiyya na zango biyu, yanzu yana karatun digiri." Ya rage armashi, amma zai iya zama gaban kwamitin intabiyu ba tare da gabansa ya faɗi ba. Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa mu dace da halal.