Tsakanin "Ya Haddasa" da "Suna Tafiya Tare"

A rubutun bincike babu inda alƙalami ya fi saurin zamewa kamar babin tattauna sakamako. A babin da ya gabace shi, adadi ne ke magana, marubuci kuwa yana gefe. Da zarar an zo tattaunawa sai ya karɓi magana da bakinsa, kuma a nan ne aikatau guda ɗaya kan ɗora wa bincike kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Hausa tana da kalmomin sanadi masu daɗin faɗi: ya haddasa, ya jawo, ya haifar da, ya inganta, ya raunana. Kowace daga cikinsu da'awa ce cewa da an cire abu na farko, da na biyu bai auku ba. Binciken da ya ƙirga mutane sau ɗaya a lokaci ɗaya ba shi da ikon yin wannan da'awa.

Unguwar Miskine, wadda ke jingine da Kilomita Biyar a birnin Bangui, wuri ne da ya dace a gwada wannan batu. Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe a wannan yanki tare da Fulani da Larabawan Chadi, amma harshen titi da kasuwa shi ne Sango, na makarantar boko kuma Faransanci. A ƙaddara wata ɗaliba ta so ta san abin da ke riƙe Hausa a bakin yaran unguwar. Adadin da zai biyo baya na misali ne kawai, don a ga yadda lissafin yake tafiya. Ta gwada yara 120 da gajeriyar jarrabawar ji da magana. Yara 60 suna zuwa makarantar allo wadda malaminta ke bayani da Hausa, sauran 60 ba sa zuwa. Cikin masu zuwa, 42 suka ci, wato kashi 70 cikin ɗari. Cikin waɗanda ba sa zuwa, 24 ne suka ci, wato kashi 40. Sai ta rubuta: "Wannan ya tabbatar da cewa makarantar allo ce ke ƙarfafa Hausar yara a Miskine."

Jimlar tana da nauyi biyu da adadin bai ɗauka ba. Na farko shi ne "ya tabbatar", wanda ke rufe ƙofar shakka. Na biyu, kuma wanda ya fi ɓuya, shi ne "ke ƙarfafa", domin ya mai da makaranta mai aikatawa, yara kuma abin da aka aikata wa. Idan mai duba aiki ya ja layi a ƙarƙashinta, gyaran da ɗalibai suka fi gaggawar yi shi ne su jibga kalmomin sassauci a gaba: "Wataƙila mai yiwuwa ne a ce makarantar allo tana iya ƙarfafa Hausar yara." Wannan ba gyara ba ne. An yi wa jimlar lulluɓi uku, amma aikatau na sanadi yana nan daram a ƙarƙashinsu, kuma mai karatu bai san mene ne ainihin abin da ake shakka a kansa ba. Ko adadin ne ba a yarda da shi ba, ko fassararsa?

Gyara na gaskiya yana farawa ne da komawa ga jadawali, a tambayi wace hanya ce kuma za ta iya fitar da wannan bambanci. Mafi kusa ita ce harshen gida. A ce ɗalibar ta raba yaran gida biyu. Cikin 60 masu zuwa allo, 45 sun fito daga gidajen da ake Hausa, kuma 38 daga cikinsu suka ci. Sauran 15 'yan gidajen Sango ne, 4 suka ci. Cikin 60 da ba sa zuwa, 15 ne kacal 'yan gidajen Hausa, 12 suka ci; sauran 45 'yan gidajen Sango ne, su ma 12 suka ci. To, a gidajen Hausa an sami kashi 84 a gefe ɗaya da kashi 80 a ɗaya gefen. A gidajen Sango kuwa kashi 27 ne a kowane gefe. Tazarar nan ta kashi 30 ta narke. Ashe jimlar farko ta yi aikin hankaka ne, mai da ɗan wani naka: ta ba makaranta abin da uwa da kaka suka shuka a tsakar gida.

Ko da tazarar ba ta narke ba, akwai sauran tambayoyi biyu. Ta farko: wanne ya riga wani? Uba na iya kai ɗansa wurin malami Bahaushe ne saboda yaron ya riga ya ji Hausa. Idan haka ne, Hausar ce ta kai shi makaranta, ba makaranta ce ta ba shi Hausa ba. Ta biyu ta shafi tarihin wurin. Bayan rikicin da ya ɓarke a Bangui ranar 5 ga Disamba, 2013, Musulmi da yawa sun bar unguwanninsu, wasu suka tattara cikin Kilomita Biyar, wasu suka tsallaka Kamaru da Chadi. Yaran da za a iske a Miskine a yau 'ya'yan waɗanda suka zauna ne ko suka dawo, kuma yaron da ya yi shekaru a wata ƙasa ya dawo da harshen da ya tsinta a can. Duk abin da aka faɗa a kansu bai zama lalle ya shafi waɗanda ba su dawo ba.

Da wannan a hannu, sakin layin zai iya fitowa kamar haka: "Yaran da ke zuwa makarantar allo sun fi cin jarrabawar, kashi 70 a kan kashi 40. Sai dai mafi yawansu sun fito ne daga gidajen da ake magana da Hausa, kuma da aka kwatanta yara masu harshen gida iri ɗaya, bambancin ya kusa ɓacewa. Da alama harshen gida ne ke ƙarƙashin wannan alaƙa. Binciken ya auna yaran sau ɗaya ne, saboda haka ba zai iya nuna wanne ya riga wani ba."

A lura da inda kowace kalma ta zauna. Jimlar farko ba ta da "wataƙila", domin abin da aka ƙirga an ƙirga shi, kuma sassauta shi rowar gaskiya ce. "Da alama" ta zo sau ɗaya tak, a daidai wurin da aka tashi daga ƙirga aka shiga fassara. Jimlar ƙarshe kuwa kai tsaye take, domin iyakar binciken sananniya ce, ba zato ba. Haka ma aikatau: "sun fi cin" da "ke ƙarƙashin alaƙa" sun maye gurbin "ke ƙarfafa". Kalmar "wai" ba ta da wuri a nan, don ita jita-jita take nunawa, kamar marubuci yana nesanta kansa da aikinsa.

Wannan ba ya nufin an haramta kalmar sanadi har abada. A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill sun nuna alaƙa tsakanin shan taba da sankarar huhu ta hanyar kwatanta majinyata a asibitocin Landan. Daga baya suka bi dubban likitocin Birtaniya shekara da shekaru, suka ga cewa shan tabar ne ke riga cutar, kuma haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan sha. A 1965 Hill ya jera abubuwa tara da ake dubawa kafin a ɗauki alaƙa a matsayin sanadi. Da ɗalibar Miskine za ta auna yara kafin su shiga allo, ta sake auna su bayan shekara biyu, ta kwatanta su da takwarorinsu masu harshen gida iri ɗaya, ta kuma ga Hausar tana ƙaruwa gwargwadon shekarun karatu, to a lokacin "na iya ƙarfafa" ta halatta gare ta. "Ya tabbatar" kuwa sai ta jira wasu su maimaita aikin a wata unguwa.