Rabin rasit

A Kano nake kasuwanci shekara goma sha tara ke nan, amma a Wad Haddad aka yanke mini cibiya, garin da ke kudu da Wad Madani a kan hanyar Sinnar. Innarmu tana can, kuma kuɗin wutar gidanta a wuyana yake. Ɗan ƙanwata ne ke zaune da ita. Ni ke turawa, shi ke saye, sai ya ɗauki hoton rasit ya aiko mini ta waya.

A watan Satumba na 2022, wato kafin yaƙi, na tura masa fam 5,000. A watan Yuni wannan kuɗin ya sayo kilowat wajen 400. Da hoton ya zo na duba, sai na ga 250. Ina cikin shago, ga masu saye tsaye a kaina, ban ƙara kallo ba na kira shi.

"Kai, ina sauran kuɗin?"

"Kawu, wallahi duka na ba su."

"Duka ka ba su wuta ta ragu haka?"

Bai ce komai ba. Da daddare Inna ta kira ta ce yaro ya ƙi cin tuwo, kuma ya ce a nemi wani ya riƙa sayen wutar. A lokacin ne na zauna na sa tabarau na buɗe hoton da kyau, sai na ga ashe rabin takarda aka ɗauko. Rasit ɗin siriri ne mai tsawo, ya nannaɗe, ƙasansa ya fita daga hoton. Na yanke wa yaro hukunci da rabin shaida.

A Sudan mitar gida ta kati ce, ka biya kafin ka sha. Mutane har laƙabi suka yi mata, "jamra habisa", saboda yadda take cinye aljihu. To wannan rasit ba irin takardar bil ba ce da muka sani a Kano, wadda ke cewa daga ranar kaza zuwa ranar kaza ka sha kaza, ka biya kaza. Shi bai faɗi abin da aka sha ba, abin da aka saya kawai yake faɗi. Bai kuma rubuta tsawon lokaci ɓaro-ɓaro ba. Duk da haka abubuwan nan uku, wato lokaci da yawan wuta da kuɗin da ake bin ka, suna nan ga wanda ya san inda suke ɓuya.

Washegari na ce ya shimfiɗa takardar a kan tabarma, ya danne kanta da ƙasanta da tsakuwa, ya ɗauka a inuwa ba tare da fitilar waya ba, domin takardar tana da sheƙi. Na ce hoto ɗaya na dukan rasit, sannan biyu daga kusa, sama da ƙasa. Ya aiko ba tare da ko gaisuwa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na fara da lambar mita, na gwada ta da ta rasit ɗin Yuni. Iri ɗaya ce. Wannan shi ne abin da ya kamata a fara dubawa kullum, domin lambobi 20 ɗin nan da ake dannawa a mita ba sa aiki sai a mitar da aka saya wa. Idan mai sayarwa ya kuskure lamba ɗaya, kuɗinka na iya tafiya ga mitar wani gida. Sai kwanan wata, sai jimillar abin da aka biya: 5,000 cif. A nan kaɗai ya isa in ji kunya, don wannan layin yana cikin hoton farko, ban dai kalle shi ba.

Ƙasan takardar ne ya warware zancen. An cire 3,000 na ruwa, an cire 500 na sauran caji, abin da ya rage ya sayi wuta 1,500 ne kawai. Kuɗin ruwa a can tare da na wuta ake karɓa, kuma ba auna shi ake yi da mita ba, kuɗi ne tsayayye a kowane wata. A rasit ɗin Yuni ruwan 1,000 ne. Na raba 3,000 da 1,000, ga wata uku: Yuli, Agusta, Satumba. Nan lokacin yake ɓoye. Sai na tuna Inna ta yi kusan wata biyu a Mai Wurno tana jinyar yayarta, an rufe gida, ba wanda ya sayi wuta. Mita ta tsaya, amma lissafin ruwa bai tsaya ba, yana taruwa yana jiran ranar da za a zo saye. A irin wannan tsari ba a aiko maka takardar bashi. Daga kuɗin da ka miƙa ake fara zare shi, sauran ya zama wuta. Duk wanda ya ga kalmar "muta'akhirat" a takarda ya san bashin baya ake nufi.

Akwai abin da ya ɗan ɗaure mini kai. A Yuni kusan 3,500 ne ya tafi ga wuta ya ba da 400, yanzu 1,500, wanda bai kai rabi ba, ya ba da 250. Dalili shi ne farashin hawa-hawa ne a cikin wata: kilowat na farko-farko suna da araha, kana ƙara saye suna ƙara tsada. Saboda haka raba kuɗi da kilowat na wani wata don a hukunta wani watan kuskure ne, kuma shi na yi a tsaye a shago.

Saura yawan abin da aka sha, wanda ba takardar da za ta faɗa maka. Wannan sai fuskar mita. Yaron ya ce ranar da ya zuba 250 akwai ragowar 12, ya zama 262. Bayan kwana 20 na sa ya ɗauko mini hoton mitar, ta nuna 82. An sha 180 ke nan, kilowat 9 a rana, tsakanin firji da fankoki da ƴan fitilu. Ragowar 82 za ta kai kwana tara, don haka na san ranar da zan tura kuɗi tun kafin Inna ta kwana cikin zafi. A lura da ɗigo a fuskar mita: 82.4 ba 824 ba ce, kuma a hoto mai duhu ɗigon nan shi ke fara ɓacewa.

Wani tarko kuma na masu ƴaƴa irin nawa ne, da suka tashi da lambobin boko. Idan an rubuta da hannu a can, da lambobin Larabci ake yi. Biyar ɗinsu zagaye ce kamar sifirinmu, sifirinsu ɗigo ne, shidansu kuma kamar bakwai ɗinmu take. Ɗiyata ta taɓa karanta mini ٦٥٠ a matsayin 70. Ni da na yi karatu a can ma biyu da uku na rikita ni idan hoton ya dushe, don haƙori ɗaya ne ya raba su.

Tun daga lokacin na buɗe shafi a bayan littafin bashin shago. Duk rasit da ya zo, a ranar nake kwafe kwanan wata, abin da aka biya, abin da aka cire, kilowat da aka samu, da ragowar da ke kan mita. Ba na dogara da takardar, don irin ta injin nan ce da zafi ke gogewa, wata kaɗan sai ka tarar da ita fara fat. Hoton ma yana tafiya da waya idan ta lalace.

Na kira yaron na ba shi haƙuri, Inna tana ji. Ya ce, "Ba komai, Kawu." Amma har aka rufe gidan a ƙarshen 2023, lokacin da yaƙi ya shigo Jazira suka fita, bai sake aiko mini rasit ba sai da hoto uku, da na mita na huɗu, ko ban tambaya ba.