Yadda za ka hana wayarka mayar maka da "gobe" zuwa "gone"

1/ Duk mai rubuta Hausa a waya ya san wannan takaicin. Ka rubuta "yau", kana danna tazara ta koma "you". Ka rubuta "wai" ta koma "wait". Mutane da yawa sun ɗauka laifin WhatsApp ne, su yi ta lalube a saitinsa. Ba a can matsalar take ba, a kibod take. Ku biyo ni.

2/ Mu ɗauki "gobe". Kibod ɗinka yana kan Turanci, kuma a ƙamus ɗinsa babu wannan kalmar. Sai ya duba ya ga harafin b da n maƙwabta ne a layin ƙasa. Shi a lissafinsa "gone" ka so rubutawa, yatsanka ne ya zame. Kana danna tazara sai ya musanya. Shi fa a ganinsa taimakonka ya yi.

3/ Abin dariya ne har sai ya shafi magana mai muhimmanci. A guruf ɗin ajinmu an taɓa turo sanarwa: "Malam ya ce jarrabawa gone ƙarfe 8." Wasu suka gane gobe ake nufi, wasu suka ɗauka an ɗage ta. Sai da wakilin aji ya yi ta kiran mutane ɗaya bayan ɗaya cikin dare. Harafi ɗaya tak ya jawo wannan.

4/ Kafin ka taɓa komai, ka sani abubuwa uku ne daban. Akwai wanda yake canza kalma da kansa, shi ne mai ɓarnar. Akwai layin da ke saman kibod mai kawo shawarar kalmomi, wannan ba ya canza komai sai ka taɓa shi. Sai jan layin da ke fitowa ƙarƙashin kalma, shi nuni kawai yake yi. Na farkon kaɗai za mu kashe.

5/ Idan Gboard kake amfani da shi, buɗe kibod ɗin a kowace hira, ka danna alamar saiti da ke samansa, sannan:

```
Text correction > Auto-correction
```

Ka kashe shi. A sabbin fitowa sunan sashen ya koma Corrections & suggestions, amma maɓallin yana nan ciki.

6/ Masu Samsung, naku sunansa daban:

```
Settings > General management > Samsung Keyboard settings > Auto replace
```

Masu iPhone kuma:

```
Settings > General > Keyboard > Auto-Correction
```

7/ Yanzu gwaji. Rubuta "gobe zan zo, na gode" kana danna tazara bayan kowace kalma. In ta tsaya yadda ka rubuta, shi ke nan. In har yanzu tana canzawa, to mai yiwuwa kibod biyu ne a wayar, ka gyara ɗaya alhali da ɗayan kake rubutu. Shi ya sa na ce a shiga saitin daga jikin kibod ɗin da ke buɗe a gabanka.

8/ Gaskiya akwai abin da za ka rasa. Daga yanzu kuskuren yatsanka naka ne, har a Turanci. Mu ɗalibai da muke tura wa malamai saƙo da Turanci, sai mun riƙa sake karantawa kafin mu tura. Dalilin da ya sa na ce a bar layin shawara da jan layi ke nan: suna nuna maka kuskure, amma kai ke yanke hukunci.

9/ Ni kam na ga cinikin ya yi riba. Kuskuren yatsa irin "gobr" kowane Bahaushe zai gane gobe ce. Amma "gone" cikakkiyar kalma ce mai ma'anarta, mai karatu ba shi da dalilin zargin kuskure ne. Gara kalma ta gurgunce da a musanya ta da wata lafiyayya.

10/ In kana son maganin da ya fi kashewa kawai, ƙara Hausa a Gboard:

```
Languages > Add keyboard > Hausa
```

Nan za ka samu ɓ, ɗ da ƙ, ka daina rubuta "kasa" inda kake nufin "ƙasa". In za ka koma Turanci, danne maɓallin tazara na ɗan lokaci ka zaɓi harshen.

11/ Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu suka saba da abin har suka sallama. Na san masu rubuta "gobee" don kawai su tsere wa gyaran, da waɗanda suka koma saƙon murya gaba ɗaya. Aikin minti ɗaya ne fa. In ka gama da taka, ka karɓi ta Mama ko ta Baba ka gyara musu, don su ba za su ce wayar ce ba, cewa za su yi su ne ba su iya ba.