Bashin albashi a zauren sulhu

Garin Mashi yana kan hanyar Katsina zuwa Daura, kuma kamar sauran garuruwan yankin, yawancin masu aikin albashi da ba na gwamnati ba suna ƙarƙashin mutum guda ne: mai gidan mai, mai gidan burodi, mai makarantar kuɗi, mai shagon kayan masarufi. Idan saɓani ya shiga tsakanin irin wannan maigida da ma'aikacinsa, da wuya a nufi kotu. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, hurumin shari'ar ƙwadago ya koma hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma mai sayar da mai a Mashi ba zai ɗauki lauya ya yi ta zarya zuwa Kano a kan albashin wata huɗu ba. Wurin mai unguwa ake zuwa, ko liman, ko shugaban 'yan kasuwa, in abin ya girma a kai fadar Iyan Katsina, Hakimin Mashi. Ana kiran zaman sulhu, kuma sau da yawa sulhun ake yi. Sai dai akwai wata ƙofa da rashin adalci yake shigowa ta cikinta, ko da mai sulhun mutumin kirki ne.

A ɗauki misali. Saurayi ya shekara uku yana sayar da mai a kan naira dubu 40 a wata. An daina biyansa wata huɗu, sannan aka sallame shi rana ɗaya, aka ce an sami giɓin dubu 90 a cinikin famfonsa. Bashin albashinsa dubu 160 ne. Dokar Ƙwadago, a sashe na 11, ta ba wanda ya yi aiki tsakanin shekara biyu zuwa biyar sanarwar mako biyu kafin sallama, ko kuɗinta, wato kusan dubu 20. Jimilla dubu 180. Mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka kafa a 2024 ba zai taimake shi ba, domin dokar ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

A zaure, maigida zai ce ya cire dubu 90 ɗinsa, saura dubu 70, kuma kasuwa ba daɗi, dubu 50 yake da su a hannu. Saurayi zai ce dubu 160 yake bi, don bai ma san da kuɗin sanarwa ba. Dattijo mai son zaman lafiya sai ya ce kowa ya sassauta, a tsaya a dubu 80. A ido an raba gardama. A lissafi kuwa, an ɗora wa yaro kusan dukan giɓin da ba a tabbatar ba, an kuma yafe wa maigida kuɗin sanarwa. Saurayin zai karɓa ya yi godiya, saboda ana bin sa kuɗin haya, kuma maigidan ne zai iya ɓata masa suna a duk gidan man da ke tsakanin Mashi da Daura.

Ƙarfin maigida ya fi yawa a wurare biyu. Na farko lokaci: zai iya jira shekara, yaron ba zai iya jira mako biyu ba, kuma kowace ɗage zama ragi ce daga abin da yaron zai yarda ya karɓa. Na biyu littafi: takardar karatun mitar famfo, da rajistar biyan albashi, da lissafin kuɗin da ake miƙawa kowace yamma, duk suna aljihun tebur ɗinsa. Sashe na 7 na dokar ya wajabta a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata uku da fara aiki, amma a irin waɗannan wurare kalmar baki ce kawai.

Saboda haka kariya mafi amfani ita ce mai sulhu ya raba maganar gida biyu kafin kowa ya fara neman alfarma. Akwai abin da ba a jayayya a kansa, akwai abin da ake jayayya. Sai ya tambayi maigida kai tsaye: Alhaji, an biya shi watannin nan huɗu ko ba a biya ba? In ya amsa ba a biya ba, wannan bashi ne tabbatacce, ba da'awa ba. Ko da za a ajiye dubu 90 a hannun amintacce har a gama bincike, sauran dubu 90 ya kamata su shiga hannun yaro kafin zama na biyu. Wannan mataki kaɗai yana karya makamin jira, domin wanda ya biya haya ya sayi hatsi yana iya cewa bai yarda ba.

Sai a zo kan giɓin. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago bai bar maigida ya yanke wa kansa hukunci ba: cire kuɗi daga albashi saboda asara sai in ma'aikaci ya yi ganganci ko sakaci, kuma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a cire. Fiƙihun Malikiyya, wanda limamin zai fi sabawa da shi, ya je kusa da nan: ɗan ƙwadagon da aka ɗauka aiki amintacce ne, ba ya ramuwa sai an tabbatar da sakaci ko ta'adi, kuma hujja tana kan mai da'awa. Don haka a kawo littafin a buɗe a gaban kowa. Wace rana giɓin ya faru? Mutum nawa ne suke kama famfon? Akwai sa hannun yaron a karatun mita na safe da na yamma? Giɓin da ba a taɓa ambata ba sai ranar da aka nemi albashi, shi kansa abin tambaya ne.

Sauran matakan ƙanana ne, amma suna da tasiri. Kada a yi zaman a ofishin maigida ko a zaurensa, inda shi yana kan kujera yaro yana tsugune. Wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari ta yi maganar daidaita masu husuma har a wurin zama. A bar yaro ya zo da wanda ya iya lissafi, ba mahaifinsa kaɗai ba, domin uba kan zo ne ya ba da haƙuri. Mai sulhu kuma ya faɗi alaƙarsa da maigidan, in shi ne ya rufa masallacin unguwa ko yake ba shi mai bashi. Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976, duk da ta fi aiki a rikicin ƙungiyoyi, ta shardanta mai shiga tsakani ya zama wanda ɓangarorin biyu suka amince da shi, kuma babu dalilin da zai sa zauren unguwa ya gaza wannan.

Ana gane sulhun da ya karkace da alamu bayyanannu. Ma'aikaci ya yi shiru tun farko, ba abin da yake cewa sai "duk yadda kuka yi daidai ne". Kalmar haƙuri tana fuskantar gefe guda. An ambaci 'yan sanda a tsakiyar magana. Idan mai sulhu ya ga haka, sai ya keɓe da yaron, ya faɗa masa adadin da yake bi a doka, ya sanar da shi cewa ofishin ƙwadago na tarayya a Katsina yana karɓar irin wannan ƙorafi, sannan ya ba shi kwana biyu ya yi shawara. Yafiya halal ce, kuma mutum yana iya barin dubu 20 don ya tsira da mutunci da takardar shaidar aiki, matuƙar ya san nawa yake bari.

Abin da aka daidaita a kai a rubuta shi da Hausa, a karanta a fili, da adadi da ranakun biya, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. In biyan kashi-kashi ne, a rubuta cewa saɓa rana ɗaya yana dawo da cikakken bashin, kuma yaro ba zai sa hannu a kan cewa ya karɓi haƙƙinsa duka ba sai kashi na ƙarshe ya shiga asusunsa.