Kaɗanya ce ko Namijinta?

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A cikin itatuwan dajinmu ban san inda maganar nan ta fi zama daidai ba kamar tsakanin kaɗanya da namijin kaɗanya. Dukansu suna tara ganye a ƙarshen reshe kamar tuntu, ganyen kuma dogo ne mai lanƙwasa a gefe. Amma ko dangi ba su haɗa ba.

Kwanan baya wani matashin marubuci ya kawo mini hoton wata bishiya da ya ɗauko a ƙasar Kwantagora. Yana so ya sa ta a labarinsa, inda mata za su tsinci 'ya'yanta su yi man kaɗe. Na ce masa mu bi ta daki-daki.

Muka fara da ɓawo. Na tsohuwar kaɗanya kauri gare shi, ya yi duhu, ya tsattsage gida-gida kamar bayan kada. Na hoton kuwa toka-toka ne, yana ɓamɓarewa falle-falle. Sai dai ban yanke hukunci a nan ba, domin wutar daji takan baƙanta kowane gindi, kuma ƙaramar bishiya ɓawonta bai gama tsagewa ba.

Sai ganye. Tun da tsarinsa a reshe iri ɗaya ne, abin dubawa shi ne maratayinsa da jijiyoyinsa. Ganyen kaɗanya yana reto a kan dogon marataya, jijiyoyinsa kuma a fili suke, mutum ya iya ƙirga su, wajen 20 zuwa 30 a kowane gefe. Na namijin ya fi tsawo da siranta, maratayinsa gajere ne, jijiyoyinsa sirara ne a jere reras, sun fi gaban ƙirga. Da muka kusanto da hoton, irin na biyun muka gani.

'Ya'ya ne suka raba gardama. Ɗan kaɗanya kore ne mai siffar ƙwai, yana nuna da shigowar damina. Ɗan namijin kuwa ƙarami ne mai tsini, da fikafikai biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ga su nan a kusurwar hoton suna lilo.

Akwai shaida ɗaya da hoto ba ya bayarwa. In ka sari kaɗanya, farin ruwa kamar madara zai tsattsafo, namijin kuwa ba ya yin haka. Saboda haka mai riƙe da hoto kaɗai kada ya ambaci suna sai alamu uku sun yi baki ɗaya.

Saurayin ya sake wa matan labarinsa bishiya. Da ya bar su suna tsintar kaɗe a ƙarƙashin namiji, to, duk macen karkara da aka karanta wa shafin nan ta gama da littafin ke nan. Ya ɗan'uwa marubuci, in za ka ɗauki hoton bishiya, ɗauki uku: gindi, ganye guda a tafin hannu, da ɗanta.